Gargaɗin ƙarshe kan ƙin bin umarni: nazarin wani lamari a masana'antar robobi ta Sharaɗa

Lamarin da za mu bi a nan misali ne da aka gina bisa irin abin da ke faruwa a masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai, don haka babu sunan kamfani ko na mutum a ciki. Kamfanin yana yin bokitai da butoci, injinansa na aiki dare da rana, ma'aikata sun kasu rukuni uku, kowane rukuni awa 8. Ma'aikacin da ake magana a kansa mai sarrafa inji ne, shekararsa 6 a kamfanin, ya haura arba'in, kuma kowa ya shaida ya san aikinsa. Sufabaizan rukuninsa matashi ne mai takardar difloma, bai cika shekara biyu da zuwa ba. Wata safiya sufabaiza ya kai wa manajan samar da kaya rubutaccen ƙorafi mai ɗauke da laifuka biyar, duk a ƙarƙashin kalma ɗaya, wato taurin kai. Manaja ya karanta, ya tura wa jami'ar kula da ma'aikata da ɗan rubutu a gefe cewa a sallame shi a wannan makon.

Ba a sallame shi ba. An ba shi gargaɗin ƙarshe a rubuce, kuma an ɗauki kwana 9 na aiki kafin takardar ta isa hannunsa. Abin da aka yi cikin waɗannan kwanaki shi ya ba takardar ƙarfi.

Tace laifuka biyar

Aikin farko na jami'ar shi ne raba abin da ya cancanci a kira shi ƙin bin umarni da abin da bai cancanta ba. Ma'auni huɗu ta yi amfani da su. Shin wanda ya ba da umarnin yana da hurumin bayarwa? Shin umarnin halal ne a doka, yana cikin aikin da aka ɗauki mutum ya yi, kuma ba ya jefa shi cikin haɗari? Shin an faɗe shi a fili yadda ma'aikacin ya ji ya gane? Shin da gangan ya ƙi, ba mantuwa ko rashin iyawa ba ne? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, to ko akwai laifi, ba wannan laifin ba ne.

Na farko ya faru wata takwas da suka wuce. An fito da littafin miƙa aiki, wanda kowane mai inji zai cike kafin ya tashi: adadin kayan da ya fitar, waɗanda suka lalace, zafin injin, da duk wata matsala da ya gani. Ma'aikacin ya ce shi da baki yake miƙa aiki tun kafin a san da littafin, ba zai cike ba. An ja masa kunne da baki, kuma tsohon magatakardan ofis ya rubuta hakan a fayil ɗinsa da kwanan wata. Na biyu ya zo wata huɗu bayan haka, a kan littafin dai, sufabaiza ya miƙa masa biro, shi kuwa ya ajiye ya fita. A nan aka ba shi gargaɗin farko a rubuce, mai wa'adin wata 6 kamar yadda littafin ƙa'idojin kamfanin ya tanada. Waɗannan biyu sun tsallake ma'aunin, sai dai an riga an hukunta su. Ba a hukunta mutum sau biyu kan laifi ɗaya. Amfaninsu yanzu shi ne su nuna tarihi, kuma gargaɗin farkon bai ƙare ba, saura masa wata biyu.

Na uku shi ne mafi muhimmanci a wajen tacewar. Roba ta maƙale a cikin mazubin inji, sufabaiza ya ce masa ya sa hannu ya ciro don kada a tsayar da aiki. Injin irin wannan yana da ƙofar kariya, da makunnin da ke hana mazubin rufewa muddin ƙofar na buɗe. Da jami'ar ta tambayi masu gyara, sai suka tabbatar cewa a wannan makon makunnin ya lalace, an yi masa haɗin wucin gadi yadda injin zai ci gaba da aiki ko da ƙofar a buɗe take. Mazubin da ke matse roba da ƙarfin tan masu yawa ba zai bar hannun mutum da siffarsa ba. Ƙin da ma'aikacin ya yi daidai ne, kuma da an bar wannan a cikin takardar gargaɗi, da kamfanin ya rubuta shaida a kan kansa cewa yana hukunta mutum don ya ƙi sa hannu a injin da aka cire wa kariya. An cire shi, an kuma buɗe wani bincike daban kan wanda ya ba da izinin haɗin wucin gadin.

Na huɗu ma ya faɗi. Ranar wata Juma'a, saura minti goma rukunin safe su tashi zuwa masallaci, aka ce masa ya tsaya ya ƙara awa huɗu saboda mai karɓarsa bai zo ba. Ƙa'idar kamfanin ta ce a sanar da aikin ƙarin lokaci kwana ɗaya kafin ranar, sai in gaggawa ce da manaja ya sa wa hannu. Ba a sanar ba, manaja bai sa hannu ba. Kamfanin da bai bi ƙa'idarsa ba ba shi da bakin tuhumar wanda ya ƙi.

Saura na biyar, kuma shi kaɗai ne sabon laifin da ke tsaye. Ranar Talata da ƙarfe 6:15 na safe, sufabaiza ya ce masa ya bar inji mai lamba 3 ya koma mai lamba 7, saboda mai lamba 7 ba shi da lafiya kuma akwai odar butoci da za a loda da yamma. Ya ƙi. Sufabaiza ya maimaita, ya sake ƙi a gaban mutum biyar, ya ce a kai ƙara duk inda za a kai. Inji mai lamba 7 ya tsaya minti 50 kafin a samo wani daga sito. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce mai sarrafa inji ne, za a iya sa shi kan kowane injin da aka horar da shi a kai, kuma rajistar horo ta nuna an horar da shi kan mai lamba 7. Injin lafiyarsa ƙalau ta fuskar kariya. Duk ma'aunin huɗu sun cika.

Manaja bai ji daɗin raguwar laifuka daga biyar zuwa ɗaya ba, yana ganin an rage wa maganar nauyi. A ganinmu akasin haka ne. Idan takarda ta ƙunshi tuhuma biyar, biyu a ciki marasa tushe, duk wanda zai kare ma'aikacin, wakilin ƙungiya ne ko lauya, a kan waɗannan biyun zai tsaya, ya nuna cewa farautarsa ake yi. Tuhuma ɗaya da ba ta da kafar musu, wadda ta hau kan gargaɗin da bai ƙare ba, ta fi wahalar tunkuɗewa.

Abin da doka ta ce da abin da ta bar wa kamfani

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta jera matakan ladabtarwa ba. Babu inda ta ce sai an yi gargaɗin baki, sannan na farko, sannan na ƙarshe, kuma ba ta ƙayyade tsawon wa'adin gargaɗi ba. Waɗannan suna fitowa ne daga takardar ɗaukar aiki, da littafin ƙa'idojin kamfani, da yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙungiyar ma'aikata in akwai. Amma da zarar kamfani ya rubuta matakan ya raba wa ma'aikata, shi ma sun ɗaure shi, kuma da su za a auna shi.

Mai aunawar ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, hurumin sauraron shari'un aiki ita kaɗai, har da ikon duba rashin adalci a wurin aiki da yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Daga nan ne kotun take waiwayar Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce kada a kori ma'aikaci saboda halinsa sai an ba shi damar kare kansa. Shawara ta 166 da ke tare da ita ta ƙara da cewa laifin da ba ya kai ga kora sai an maimaita shi, kada a kori mutum a kansa sai an taɓa yi masa gargaɗi a rubuce. Najeriya ba ta rattaba amincewa da yarjejeniyar ba, duk da haka kotun ta sha dogara da ita a matsayin kyakkyawan tsarin duniya. Ma'anar wannan ga jami'in kula da ma'aikata ita ce, takardar gargaɗin ƙarshe tana iya zama shaida a gaban alƙali bayan shekara biyu ko uku, lokacin da sufabaizan da shaidun duk sun bar kamfanin. Sai a rubuta ta yadda baƙon da bai taɓa shiga masana'antar ba zai karanta ya gane abin da ya faru.

Takardar tuhuma da zaman kwamiti

Ranar Laraba, washegarin ƙin komawa inji mai lamba 7, aka ba ma'aikacin takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri. Saurin yana da dalili. Idan kamfani ya san da laifi ya yi shiru wata biyu, mutum na zuwa aiki ana biyansa kamar ba komai, ana iya cewa ya yafe. Takardar ta ambaci rana, lokaci, wuri, umarnin da aka bayar, wanda ya bayar, da sashen ƙa'idar da ake zargin an karya, ta kuma ba shi awa 48 ya amsa a rubuce. Ba ta ce ya aikata ba, cewa ta yi ana zarginsa. Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a rubuta kweri da harshen hukunci, a ce tunda ka nuna rashin kunya ka faɗi dalilin da zai hana a kore ka. Mai karanta wannan ya san an gama yanke shawara.

Takardun kamfanin da Turanci ake yin su, shi kuwa ma'aikacin Hausa yake karantawa. An haɗa masa fassarar Hausa, aka kuma ce yana iya amsawa da Hausa. Wannan ba alfarma ba ce. Damar kare kai ba ta cika ba idan mutum bai fahimci abin da ake tuhumarsa da shi ba, ko kuma sai ya je bakin titi ya nemi wanda zai rubuta masa amsar da shi kansa ba zai iya karantawa ba.

Amsarsa ta fito da abubuwa biyu da ba su cikin ƙorafin sufabaiza. Na ɗaya, ladan ƙwazo na wata ana lissafa shi ne bisa adadin kayan da mutum ya fitar, inji mai lamba 7 kuwa tsoho ne, yana yawan tsayawa, duk wanda aka kai can ladansa na raguwa, kuma shi ake yawan turawa. Na biyu, sufabaiza ya kira shi da "kai" cikin tsawa a gaban yaran da shi ya koya wa aiki, har ya ce masa in ya gaji da aiki ya koma gida ya yi jikoki.

Aka kafa kwamitin mutum uku: shugaban sashen gyara a matsayin mai jagoranci, wani babban ma'aikaci daga sashen kuɗi, da jami'ar kula da ma'aikata tana rubuta bayani. Sufabaiza bai zauna a kwamitin ba, shaida ne. Manajan samar da kaya ma bai zauna ba, tunda ya riga ya rubuta a sallame shi. An sanar da ma'aikacin ranar zama kwana biyu kafin lokaci, aka ce ya zo da wakilin ƙungiya ko abokin aikin da ya yarda da shi. An ji sufabaiza a gabansa, an ji shaidu biyu ɗaya bayan ɗaya, an bar shi ya yi musu tambayoyi. Shaidun sun tabbatar da ƙin, sun kuma tabbatar da maganar jikoki, amma dukansu sun ce maganar ta zo ne bayan ƙi na farko, ba kafinsa ba. Wannan jerin yana da nauyi, domin ya nuna cin fuskar ya hura wutar ne, ba shi ya kunna ta ba.

Mai jagoranci ya tambaye shi: "Malam, da an ce maka ka koma lamba 7 cikin mutunci, za ka koma?" Ya yi shiru, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, gaskiya ba zan koma ba, saboda maganar ladan." Wannan amsa ta gaskiya ita ta rufe batun ko da gangan ne.

Kwamitin ya kuma duba ko ana yi wa kowa hukunci iri ɗaya. An gano mutum biyu da kan bar littafin miƙa aiki ba a cike ba, ba a taɓa ba su takarda ba. Bambancin shi ne su mantawa suke yi, in an tuna musu sai su cike. An rubuta wannan bambanci a bayanin zama, don tambayar za ta taso ko ba daɗe ko ba jima. An duba rajistar rabon injina ma, sai ga shi cikin wata uku an fi tura shi lamba 7 fiye da kowa. Ƙorafinsa na da tushe. Hanyar da ya bi ce ba daidai ba, domin ƙa'idar aiki ita ce, in umarni halal ne kuma babu haɗari, a yi, sannan a kai kuka inda ya dace.

Dalilin da ya sa ba kora ba, ba kuma sassauci ba

Abubuwan da suka hana kora a bayyane suke. Shekara biyar na farko babu ko tabo a fayil ɗinsa. Ba a yi duka ko barazana ba, ba a lalata kaya ba, odar ta fita a kan lokaci. Sufabaiza ya taka rawa wajen tsananta lamarin. Littafin ƙa'idojin ya sa gargaɗin ƙarshe a matsayin matakin da ke bin gargaɗin farko, kuma babu abin da ya kai girman da zai sa a tsallake shi. Abubuwan da suka hana a tsaya a wani gargaɗin farko na biyu su ma a fili suke: akwai gargaɗi mai rai kan laifi irin wannan, an yi ƙin a bainar jama'a, inji ya tsaya, kuma shi da bakinsa ya ce ko da lalama ba zai bi ba. Da an sassauta, sauran mutum biyar da suka gani za su koyi cewa umarnin sufabaiza abin ciniki ne.

Manaja ya nemi a haɗa da yanke albashin kwana uku a matsayin tara. Jami'ar ta ƙi. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire tara daga albashin ma'aikaci, kuma ko asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ba a cire kuɗinta sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago mai hurumi. Dakatarwa ba albashi wani hukunci ne daban, kuma littafin kamfanin bai haɗa ta da gargaɗin ƙarshe ba, don haka aka bar ta.

Takardar kanta

Ga yadda fassarar Hausar ta kasance, ban da suna da kwanan wata:

"Gargaɗin ƙarshe. Bayan takardar tuhuma da aka ba ka ranar kaza, da amsarka ta ranar kaza, da zaman kwamiti na ranar kaza wanda ka halarta tare da wakilinka, an tabbatar cewa ranar Talata kaza da ƙarfe 6:15 na safe sufabaizan rukuninka ya umarce ka sau biyu ka koma inji mai lamba 7, ka ƙi, injin ya tsaya minti 50. Wannan ya saɓa wa sashe kaza na littafin ƙa'idojin ma'aikata. An yi maka gargaɗin baki ranar kaza, da gargaɗin farko a rubuce ranar kaza, kan ƙin bin umarni, kuma wa'adin na rubucen bai ƙare ba.

"Kwamiti ya saurari bayaninka kan ladan ƙwazo da kan kalaman da aka faɗa maka. An yi la'akari da su da kuma shekarunka na aiki, shi ya sa hukuncin bai wuce gargaɗi ba. Ana duba batun rabon injina daban, za a ba ka amsa a rubuce cikin kwana 14.

"Daga yau ana buƙatar ka bi duk umarnin aiki na halal daga sufabaiza ko manaja a lokacin da aka ba ka, har da sauya inji da cike littafin miƙa aiki kafin ka tashi. In kana ganin umarni bai dace ba, ka aiwatar, sannan ka kai ƙorafi ofishin kula da ma'aikata. In kana ganin umarni zai jefa ka ko wani cikin haɗari, kana da damar tsayawa ka kira shugaban sashen gyara nan take, kuma ba za a ɗauki hakan a matsayin laifi ba.

"Wannan gargaɗi zai yi aiki na wata 12 daga yau. In aka tabbatar ka sake ƙin bin umarnin halal cikin wannan wa'adi, hakan na iya kai ga rasa aikinka. Kana da damar ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ga babban manaja cikin kwana 5 na aiki."

Akwai kalmomin da aka cire daga daftarin farko: girman kai, rashin tarbiyya, raina na gaba. Waɗannan hukunci ne kan mutum, ba bayanin abin da ya yi ba, ba a iya tabbatar da su, kuma su ne ke zama a zuciya bayan an manta da komai. An cire "ka gyara halinka" ma, saboda ba wanda zai iya auna ko an gyara. Cike littafi kafin tashi abu ne da ake gani da ido. Jimlar rasa aiki kuwa ba a lulluɓe ta ba. Wasu ofisoshi, don kunya, sukan rubuta cewa za a ɗauki mataki mai tsauri, sai ranar kora mutum ya rantse bai san abin ya kai haka ba, kuma da gaskiyarsa. An rubuta "na iya kai ga" maimakon "za a kore ka nan take" domin laifin gaba ma sai an bincika shi.

Miƙa takardar da zuwan masu ban haƙuri

An miƙa masa a ofis, ƙofa a rufe, wakilinsa na zaune, ba a liƙa komai a allon sanarwa ba. Jami'ar ta karanta masa Hausar da kanta, ta tambaye shi ya faɗi abin da ya fahimta game da wa'adi da sakamakon maimaitawa. Da aka zo sa hannu sai ya ja baya, ya ce sa hannu amincewa ne. A ƙasan takardar an riga an rubuta cewa sa hannu shaidar karɓa ce kawai, ba ta hana ɗaukaka ƙara. Ta nuna masa layin, ta ce: "Malam, ko ka sa ko ba ka sa ba, takardar ta fara aiki, amma ba za a ƙara maka laifi don ka ƙi ba." Ya sa. Da ya ƙi, abin yi shi ne a rubuta cewa an karanta masa an ba shi kwafi ya ƙi sa hannu, shaidu biyu su sa nasu da kwanan wata da lokaci.

Kwana biyu bayan haka wani dattijo daga unguwarsu ya zo wurin babban manaja ba da haƙuri. Wannan al'ada ce mai kyau a Kano, kuma korar dattijo daga bakin ƙofa ɓata zumunci ne ba gaira ba dalili. Amma tana da haɗari biyu. In aka janye takarda saboda roƙo, to wanda ba shi da dattijon da zai zo masa, kamar ma'aikacin da ya zo ci-rani daga nesa, shi kaɗai zai riƙa ɗaukar hukunci. Sannan babban manaja shi ne mai sauraron ɗaukaka ƙara, bai kamata ya yi alkawari a zaure ba. An karɓi dattijon da girmamawa, ba a buɗe masa abin da ke cikin fayil ba, aka ce masa aikin ɗan'uwansa na nan, hanyar ɗaukaka ƙara a buɗe take, kuma babban taimakon da zai yi shi ne nasiha. Ma'aikacin bai ɗaukaka ƙara ba.

Sufabaiza ma an ba shi tasa takardar tuhumar, kan kalamansa da kan umarnin sa hannu a injin da aka cire wa kariya, kuma na biyun ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Cikin kwana 14 da aka yi alkawari an fito da jadawalin karɓa-karɓa na inji mai lamba 7, an kuma daidaita lissafin ladan ƙwazo bisa ƙarfin kowane inji. Da kamfanin ya saɓa wannan alkawari, da ya raunana takardarsa da hannunsa.

Wata goma sha biyun da ke gaba

An sa zaman bita na minti 15 a ƙarshen kowane wata tsakanin ma'aikacin, sufabaiza da jami'ar, ana rubuta layi biyu ko uku a fayil, har da abin yabo in akwai. Abin da ya fi lalata irin wannan wa'adi shi ne sufabaiza ya mayar da shi tarko, ya riƙa ba da umarnin gwaji ko ya rubuta makarar minti biyar a matsayin ƙin bin umarni. Makara laifi ne daban mai nasa matakan, sai in littafin kamfani ya faɗa a fili cewa gargaɗin ƙarshe ya shafi kowane irin laifi, kuma takardar ta ambaci hakan. Wannan takardar ba ta ambata ba.

In ya sake ƙi cikin wa'adin, sai a koma farko: sabuwar takardar tuhuma, amsa, zama, da ma'aunin nan huɗu. In an tabbatar, kamfani zai zaɓi tsakanin kora ba notis, wadda sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya bar wa ƙofa in laifin ya kai, da sallama da notis. Mafi ƙarancin notis a wannan sashe shi ne kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Mai shekara 6 kamar wannan wata ɗaya ne haƙƙinsa, ko albashin wata a madadinsa, sai in takardar ɗaukarsa ta ba shi fiye da haka. Ko ta wace hanya aka bi, albashin kwanakin da ya yi aiki nasa ne, a biya shi.

In kuma wata 12 suka cika lafiya, a ba shi gajeriyar takarda cewa gargaɗin ya ƙare. Kwafin tsohuwar takardar na iya zama a fayil don tarihi, amma ba a gina sabon hukunci a kanta. Laifin da ya zo bayan wa'adi ana auna shi da girman kansa, daga matakin da littafin ƙa'idojin ya tanadar masa.